An turo wa Baba takardar lissafi a sikirinshot, rubutun ya yi ƙanana: ta ina zan fara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mahaifina yana da shago a Kantin Kwari. Wani abokin cinikinsa ya turo masa sikirinshot na takardar lissafin kaya ta WhatsApp, shafi ɗaya ne mai layi arba'in, da adadin kaya da farashi da jimla. Rubutun ƙanana ne ƙwarai, ga Baba idonsa ya yi rauni. Na yi zumin ya dishe, na kai shagon buga takardu a Sabon Gari aka fitar, nan ma bai karantu ba. Yaya zan yi ya karantu ba tare da na ɓata lissafin ba?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Kafin ka sake kashe ko sisi a wurin mai firinta, duba girman hoton. A waya ka buɗe shi ka danna Details ko Info, a kwamfuta kuma ka danna shi da maɓallin dama ka shiga Properties sannan Details. Za ka ga lambobi biyu, misali 720 x 1600. Waɗannan su ne yawan ɗigo-ɗigon da suka haɗu suka yi hoton, wato fiksel, a faɗi da tsawo. Duk shawarar da za ka yanke daga nan ta dogara ne da su.

Mu ɗauka wayar mai turowa irin ta yawancin mutane ce, mai allo 720 x 1600. Takardar A4 faɗinta milimita 210 ne, inci takwas da 'yan kai. Idan ya buɗe shafin gaba ɗaya ya cika faɗin allo, kowane inci na takarda ya samu fiksel 87 kacal. Teburin lissafi mai layi arba'in a shafi ɗaya yawanci da rubutu mai girman 8 ake buga shi, kuma lamba ɗaya a wannan girman tsayinta kimanin milimita biyu ne a takarda. A cikin hoton, milimita biyun nan fiksel bakwai ne. Kaurin zanen lambar kuwa bai ma cika fiksel ɗaya ba. To bambancin 6 da 8 ɗan buɗi ne a sama ta hannun dama, wanda faɗinsa bai fi fiksel ɗaya ko biyu ba. Da WhatsApp ya matse hoton zuwa JPEG domin rage nauyi, sai ɗan buɗin ya cike da launin toka. Shi ke nan ya tafi. Zumin da ka yi bai ɓata komai ba, abin da ke ciki ne ya nuna maka a fili. Ƙara girman irin wannan hoto kamar ƙara ruwa ne a kunu, yawa ya ƙaru amma geron yana nan yadda yake.

Shi ya sa aikin farko ba a kan hoton yake ba, a kan mai turowa yake. Mutumin nan ya ɗauki sikirinshot ne daga wani abu, ko PDF, ko Excel, ko Word, ko hoton da shi ma aka tura masa. Ka kira shi cikin ladabi, ko Baba ya kira shi tunda abokin hulɗarsa ne, a roƙe shi ya turo ainihin fayil ɗin. A WhatsApp zai danna alamar maƙala abu, ya zaɓi Document, ba Gallery ba. Abin da aka tura ta Document yana zuwa yadda yake, ba a matse shi. Idan PDF ne da aka fitar daga kwamfuta, rubutun da ke ciki ba hoto ba ne, duk lokacin da ka ƙara girma sake zana shi ake yi, don haka ko ka ninka shi sau goma zai fito tas. Yadda za ka gane: ka danna kalma ɗaya ka riƙe, idan ta zaɓu har za ka iya kwafe ta, rubutu ne na gaske kuma wahalarka ta ƙare. Mutane da yawa suna jin nauyin wannan kira, su gwammace su kwana suna fama da hoto. A ganina kuskure ne, kiran minti biyu ya fi duk wata dabarar da zan faɗa maka a ƙasa.

Idan ya ce ba zai iya turo fayil ɗin ba, watakila akwai lissafin wasu mutane a sauran shafukan, to ya sake ɗaukar hoton amma daki-daki. Ya juya wayar a kwance yadda faɗin allo zai zama 1600, ya buɗa shafin da yatsu biyu har gefen teburin ya taɓa gefen allo, farin gefen takarda ya fita. Yanzu kowane inci ya samu fiksel wajen 250, lambar da ta samu bakwai a da ta samu kusan ashirin. Kowane hoto zai ɗauki kimanin santimita shida na tsawon shafin, ke nan hotuna biyar ko shida sun isa. Abu ɗaya da ake yawan mantawa: layi biyu na ƙarshen kowane hoto su sake fitowa a farkon na gaba. Idan babu wannan maimaicin, layi guda zai iya faɗawa tsakanin hoto biyu ba wanda ya sani, sai jimla ta ƙi fita. Su ma ta Document zai turo su. Haka nan ka tambaya ko hoton ya bi ta hannu biyu ko uku kafin ya iso, musamman idan wani ya sake yin sikirinshot na sikirinshot ɗin. A irin wannan hali ka nemi wanda ya fara ɗauka, nasa ya fi na kowa kyau.

Yanzu mu ce duk wannan ya gagara, hoton da ke hannunka shi ne kawai. Fara da yin kwafinsa, ka ajiye na asali a gefe kada ka taɓa shi. Ka tura wa kwamfuta ta igiyar USB ko ta Document, kada ka sake tura shi a matsayin hoto a sake matse shi. Sannan ka yanke kafin ka ƙara girma. A hoton 720 x 1600, shafin A4 tsawonsa fiksel dubu ɗaya da 'yan kai ne, saura kusan ɗari shida duk shara ce: agogo, alamar batir, baƙin fili sama da ƙasa. Abin da ya faru a Sabon Gari ke nan, ina kyautata zato. An saka hoton gaba ɗaya a A4, dogon hoto ya cika tsawon takarda, shi kuma shafin da ake so ya fito ƙasa da girmansa na asali, ga dishi-dishi.

Ka cire sharar, ka cire farin gefe, teburin zai rage kimanin fiksel 550 a faɗi. Ka raba shi gida uku daga sama zuwa ƙasa, kowane yanki layi goma sha huɗu ko sha biyar, da maimaicin layi ɗaya ko biyu. Yankan ya bi ta farin da ke tsakanin layuka, kada ya aske kan lambobi. Kowane yanki ka ajiye shi a PNG. Dalili shi ne JPEG yana aiki ne da ƙananan murabba'ai masu fiksel takwas-takwas, duk lokacin da ka gyara ka sake ajiyewa sai ya ƙara ƙura a gefen haruffa. PNG ba ya rage komai.

Wajen ƙara girma, ninki biyu zuwa uku ya isa. Idan ka wuce haka, ido ya daina ganin siffar lamba, sai tabo-tabo. Wannan abu ne da za ka iya gwadawa yanzu: ka buɗa hoton sosai ka ga ba ka gane komai, ka rage shi zuwa ninki uku ka ɗan ja baya daga allon, sai lambobin su fara bayyana. A Paint na Windows, Ctrl+W zai buɗe Resize, ka rubuta 300, ka tabbatar faɗi da tsawo suna tafiya tare. Idan mai shagon yana da manhajar gyaran hoto ta ImageMagick, layi ɗaya zai yanke, ya mayar da shi baƙi da fari mai inuwa, ya ninka shi uku:

```
magick hoto.jpg -crop 550x340+85+330 +repage -colorspace Gray -filter Lanczos -resize 300% yanki1.png
```

Lambobi biyun farko faɗi da tsawon yankin ne, biyun ƙarshe kuma inda yankan zai fara daga hagu da daga sama, sai ka sauya su daidai da naka hoton. Kana iya ɗan ƙara Contrast har rubutun ya yi duhu, amma ka yi hattara da abu biyu. Kada ka mayar da shi baƙi wuluk da fari fat, domin a ƙaramin rubutu launin tokar nan shi ke ɗauke da rabin bayanin, idan ka kashe shi 3 da 8 sun zama abu ɗaya. Kuma kada ka cika Sharpen, yana sa farin zobe a kewaye da lamba, ya mayar da ƙurar JPEG kamar waƙafi ko aya inda babu su.

Wajen fitarwa, ka buɗe Word ka juya takardar a kwance, wato Landscape, ka saka yanki ɗaya a kowane shafi. Ka ja hoton daga kusurwa, idan ka ja daga gefe lambobin za su baje su ƙara rikicewa. Teburin da faɗinsa santimita 16 ne a asali zai kai wajen 27 idan ka rage farin gefen shafin, ninki 1.7 ke nan, rubutu mai girman 8 ya koma kamar 13 ko 14. Ka ce wa mai firinta ya kashe tsarin tsimin tawada, kuma ya fitar kai tsaye daga kwamfuta. Idan ya fitar ƙarami sannan ya ƙara shi a injin fotokwafi, injin zai ƙone tokar. Wannan bugun kai zai yi wa amfani wajen aiki, amma ban ga zai wadatar da dattijo mai raunin ido ba, domin girma ya samu amma gefen lambobin bai fita sarai ba, kuma mai raunin ido gefe mai kaifi yake buƙata. Don haka a irin takardarku, sake bugawa da hannu ba makawa.

Za a ba ka shawarar ka bar manhaja ta karanta maka, abin da ake kira OCR. Akwai hanya kyauta: ka ɗora hoton a Google Drive, ka danna Open with, ka zaɓi Google Docs. Amma su kansu masu manhajar sun ce rubutu ya kai aƙalla fiksel goma a tsayi, naku kuwa bakwai ne, kuma tebur ba ya fitowa a jere yadda yake. Ninka hoton yana ɗan taimaka mata, sai dai bai dawo da abin da ya ɓace ba. Haɗarinta shi ne ba ta cewa ban gane ba. Za ta rubuta 86 da kyau, tsaf, alhali 36 ne, kai kuma da ka ga rubutu mai tsafta sai hankalinka ya kwanta. Alamar naira takan koma N ko #, sunaye masu ƙ da ɗ da ɓ su rasa ƙugiyarsu. Idan an sami sabbin hotuna masu fiksel ashirin, yi amfani da ita ta rage maka aiki. A kan wannan tsohon hoton, layi arba'in ba su fi aikin awa ɗaya da hannu ba, kuma ka fi ta gaskiya.

Ga yadda za ka buga. Tunda lissafi ne, Excel ya fi. Ka raba allon kwamfuta biyu, yankin hoto a hagu, Excel a dama, ko ka ajiye bugun nan na kwance a gabanka ka ɗora rula a ƙarƙashin layin da kake kai. Ka bi tsarin takardar sak: lambar layi, sunan kaya, adadi, farashi, jimla. Ka buga jimlar kowane layi kamar yadda idonka ya gan ta, kada ka bari Excel ya lissafa maka ita. Sai ka buɗe wani rukuni na shida a gefe, nan ne zai ninka adadi da farashi ya cire jimlar da ka buga:

```
=C2*D2-E2
```

Duk layin da ya ba da sifili, lambobinsa uku sun tabbatar da juna. Wanda bai ba da sifili ba, ko kai ne ka karanta ba daidai ba, ko mai takardar ne ya yi kuskure.

Mu gwada da layi ɗaya. An rubuta atamfa, adadin turmi ya yi kama da 36 ko 38, farashi 18,500, jimla kuma ka ga 70 a farko, lamba ta uku ta dishe, sai sifili uku. Idan 36 ne, jimla za ta zama 666,000, wannan bai yi kama da abin da ke takardar ba ko kaɗan. Idan 38 ne, za ta zama 703,000. Ke nan adadin 38 ne, kuma lambar da ta dishe 3 ce. Layi ɗaya ya warware maka shakku biyu ba tare da ka yi cinke ba. Haka za ka yi da babbar jimlar ƙasa. Idan ka haɗa layuka arba'in ka ga bambanci, duba girman bambancin. Idan 5,000 ne ko 50,000, nemi inda 3 da 8 suka yi musaya, ko 1 da 6. Idan 2,000 ne ko 20,000, nemi 6 da 8. Idan bambancin yana rabuwa da tara ba saura, kamar 27,000, akwai yiwuwar ka juya lambobi biyu wajen bugawa, ka sa 63 a maimakon 36. Idan kuwa bambancin ya yi daidai da jimlar wani layi, to ka tsallake shi ko ka buga shi sau biyu, yawanci a wurin da yanki biyu suka haɗu.

Akwai wata dabara da takardar kanta ta ba ka kyauta. Rukunin farko, lambar layi daga 1 zuwa 40, ka riga ka san abin da ke cikinsa ko da bai karantu ba. Layi na 6, na 16, na 26 da na 36 suna nuna maka yadda 6 take kama idan ta dishe a wannan hoton, na 8 da 18 da 28 da 38 kuma suna nuna maka 8. Ka yanko lambar da kake shakka ka ajiye ta kusa da su a Paint, ka ƙara girma daidai wa daida. Sau da yawa za ka ga 6 tana da ɗan haske a kafaɗar dama, 8 kuwa duhunta ya rufe ko'ina.

Inda irin wannan lissafin ba zai taimaka ba shi ne lambar asusun banki da lambar waya. Lambar asusu goma ce, ta waya goma sha ɗaya, ƙirgawa zai nuna maka idan ɗaya ta faɗi, amma ba zai nuna maka 6 ce ko 8 ba. Lambar asusun da aka karanto daga hoto mai dishi kada a tura kuɗi a kanta sai mai ita ya sake rubuto ta a saƙo, kuma sunan da manhajar banki ta nuna ya yi daidai da nasa. A Excel ka mayar da gurbin Text kafin ka buga, in ba haka ba zai cinye sifilin farko. Duk abin da ya gagara, ka rubuta alamar tambaya a wurinsa, kamar 4?,500, ka shafa masa launi, ka tara su ka tambayi mai turowa gaba ɗaya. Tambayar lamba huɗu ta fi sauƙi a gare shi fiye da sake turo komai. Idan kuma ka gano kuskuren nasa ne, misali ninkawarsa ba ta fita ba, kada ka gyara a ɓoye. Ka buga yadda ya rubuta, ka yi bayani a gefe, Baba ne zai yi magana da shi.

Bayan ka gama, ka nemi mutum na biyu, ƙaninka ko yaron shago. Shi ya riƙe hoton yana karantawa da ƙarfi, kai kana bin abin da ka buga. Ba akasin haka ba, domin wanda ya ji lamba kafin ya kalli tabo mai dishi zai ga abin da ya ji ne. Ya karanta ɗaya-ɗaya, bakwai, sifili, uku, ba dubu ɗari bakwai da uku ba.

Wanda za ka miƙa wa Baba, ka cire rukunin gwajin, ka sa rubutu mai girman 16 ko 18 da Arial ko Verdana, baƙi a kan farar takarda marar ƙyalli, a kwance, layi goma zuwa sha biyu a shafi. Lambobi su jeru ta dama yadda dubbai za su hau kan dubbai, da waƙafi a tsakaninsu, kuma kan teburin ya maimaitu a kowane shafi, akwai Print Titles a ƙarƙashin Page Layout domin haka. Fitar da shafi ɗaya tukuna ka kai masa ya gwada da tabaransa a hasken shagon, idan yana kai takardar kusa da hanci ka ƙara zuwa 20. Idan a Word za ka yi bugun ƙarshe kuma kana buƙatar haruffanmu, ka rubuta U+0199 ka danna Alt+X ya zama ƙ, U+0257 ya zama ɗ, U+0253 ya zama ɓ, U+20A6 kuma alamar naira.

A saman shafin farko ka rubuta cewa wannan kwafi ne da aka sake bugawa daga hoto domin sauƙin karatu, da ranar da aka buga. Kada ka yanko sa hannu ko hatimi ko kan takardar mai turowa ka manna a kai, domin da ka yi haka ta fara kama da takardar da shi ya fitar, kuma idan saɓani ya taso za a ce an ƙirƙira. Ka liƙa bugun hoton asali a baya, ka tura wa mai turowa kwafin naka ya duba ya amsa a rubuce cewa haka ne kafin a biya kuɗi. Idan a shagon buga takardu ka yi aikin, ka tsaya a goge fayilolin a gabanka har daga Recycle Bin da Downloads, ka kuma fita daga WhatsApp Web idan ka shiga.